Miƙa makirufo a taro: Yadda ake tsara wa masu jawabi gaɓa don kada na uku ya maimaita na farko

Akwai wata jimla da duk wanda ya saba zuwa taruka a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya haddace ta ba tare da ya yi niyya ba. Mai jawabi na uku zai karɓi makirufo, ya gyara babbar riga, ya yi sallama da salati, sannan ya ce waɗanda suka gabace shi sun riga sun faɗi duk abin da ya zo da shi. Daga nan kuma sai ya shafe minti ashirin yana sake faɗin abin da ya ce an riga an faɗa.

A lokacin ne kawuna ke sunkuyawa kan waya, 'yan layin baya su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan jarida su naɗe igiyoyinsu. Yawanci akan ɗora laifin a kan mai jawabin, a ce ya cika surutu ko bai shirya ba. Amma in aka bi diddigi, matsalar ta samo asali ne tun ranar da aka rubuta takardar gayyata, lokacin da aka aika wa mutum uku take ɗaya, ba a gaya wa kowa inda zai fara da inda zai tsaya ba. Kowannensu ya zauna a gida ya shirya jawabin da zai iya tsayawa shi kaɗai, tun daga ma'anar kalma har zuwa shawarwari ga gwamnati. Jawabi uku cikakku a kan batu ɗaya kuwa dole su yi karo.

Kishiyar wannan matsala ita ce tsalle. Wani ya gama magana a kan abu mai sosa zuciya, zauren ya yi tsit, sai mai gabatarwa ya fizgi makirufo da barkwanci, ko ya shiga sanar da isowar wani babban baƙo, na gaba kuma ya taso da wani zance daban kamar an sauya tashar rediyo. Maimaici da tsalle duk ciwo ɗaya ne: ba wanda ya tsara abin da zai faru a ɗan tsakanin nan da wannan ke rufe baki, wancan ke buɗe nasa.

Darasi daga zauren tafsiri da ɗakin watsa labarai

Hausawa ba baƙi ba ne ga miƙa magana cikin tsari. Duk watan azumi ana ganin sa a wajen tafsiri, tsakanin alaramma mai jan baƙi da malami mai fassara. Waɗanda suka saurari tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello ta gidan rediyon Kaduna, ko na marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam daga Masallacin Indimi a Maiduguri, sun san yadda magana ke kaiwa da komowa tsakanin mutum biyu sau da yawa a zama guda, ba tare da wani ya tsaya yana gabatar da wani ba. Abin da ya sa hakan ke tafiya daidai shi ne kowa ya san rabonsa. Mai jan baƙi ba ya fassara, malam ba ya sake jan ayar da aka ja sai dai ya ɗauko kalmar da zai yi bayani a kanta. Mai jan baƙi ya san inda ma'ana ta cika ya tsaya, kuma ya saba da muryar malaminsa har yana gane cewa bayani ya zo ƙarshe tun kafin a yi shiru.

Ma'aikatan rediyo su ma suna da tasu ƙa'idar. Idan mai gabatar da shiri zai sa rahoton wakili, yakan karanta 'yar shimfiɗa ta jimla biyu ko uku. Editan da ya san aikinsa sai ya saurari farkon rahoton kafin ya amince da shimfiɗar, domin babban aibi ne mai gabatarwa ya ce ambaliya ta rushe gidaje a gari kaza, sannan wakili ya buɗe baki da wannan jimlar daidai. Shimfiɗa takan ɗauki labarin, wakili kuma ya fara daga mataki na gaba: abin da ya gani, ko wanda ya zanta da shi. Mai sauraro ba ya lura da wannan aiki, sai ranar da ba a yi shi ba.

Taron jama'a ya fi waɗannan biyun wuya ta fuska ɗaya. Malam da alarammansa sun shekara tare, mai gabatarwa da wakili suna da edita a tsakaninsu, amma masu jawabi a taro galibi a kan dandamali suke fara haɗuwa. Don haka sai wani daga cikin masu shirya taron ya ɗauki aikin editan.

A ɗauki taro guda a bi shi daki-daki

A ƙaddara wata ƙungiyar ci gaban unguwa ce ta shirya taron wayar da kai a kan shaye-shaye tsakanin matasa. Ta gayyaci mutum uku: likita mai kula da masu taɓin hankali, jami'in hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, da limamin masallacin Juma'a na yankin. An ba kowa minti 15. Za a fara ƙarfe 11 na safe, ana so a tashi kafin Azahar.

Idan takardar gayyata ta ce kawai "Illar shaye-shaye ga matasa", ana iya faɗin abin da zai faru tun kafin ranar. Dukkansu ukun za su fara da bayyana mene ne shaye-shaye. Aƙalla biyu za su kawo binciken nan na shekarar 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, wanda ya ce mutum kusan miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya cikin shekarar da ta gabaci binciken. Za a ji labarin haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a watan Mayun 2018 daga baki biyu ko uku. Kuma kowa zai rufe da kira ga iyaye su sa ido a kan 'ya'yansu. Ba wanda ya yi ƙarya, amma mahalarta sun saurari jawabi ɗaya sau uku, alhali abin da likitan kaɗai ya sani, da abin da jami'in kaɗai ya sani, lokaci bai kai an ji su ba.

Gyaran yana farawa ne da raba batun ta hanyar tambaya, ba ta hanyar take ba. Take yana da faɗi, kowa na iya shiga ta ƙofar da ya ga dama. Tambaya kuwa tana da baki da iyaka. Sai a rubuta wa likita: me ƙwaya ke yi wa jiki da ƙwaƙwalwa, kuma da wace alama uwa za ta gane ɗanta ya fara? A rubuta wa jami'i: ta wace hanya kayan ke shigowa unguwa, kuma me zai faru idan iyaye suka kai rahoto ko suka kai ɗansu da kansu? A rubuta wa liman: yaya unguwa za ta karɓi yaron da ya daina, a masallaci da wajen aiki da maganar aure?

Jerin ma ba a yin sa da ka. Ana duba wace tambaya ce amsarta ke haifar da ta gaba. Wanda ya ji alamomin daga bakin likita, abin da zai faɗo masa a rai shi ne, to in na gani a gidana ina zan nufa? Wannan ƙofar jami'i ce. Wanda ya ji yadda ake kai yaro da yadda ake sallamo shi zai tambayi kansa, in ya dawo fa? Nan liman ke shiga. Idan aka juya jerin, liman ya fara saboda girmansa, zai yi magana a kan karɓar wanda ya tuba tun ba a san me ya same shi ba, kuma dole ya ɗan taɓo aikin likita don ya shimfiɗa zancensa. Daga nan maimaici ya samu ƙofa.

Nan ne masu shirya taro kan ji nauyi, domin a al'ada jerin masu magana yana nuna daraja. Mafita ita ce a gaya wa babban tun da wuri dalilin da ya sa aka ajiye shi a ƙarshe, kuma mai gabatarwa ya faɗa a bainar jama'a cewa shi ne zai ɗaure zancen. Da wuya malami ya ƙi wannan matsayi idan an yi masa bayani cikin ladabi kwanaki kafin taro. Abin da ke ɓata rai shi ne ya zo ya tarar da sunansa a ƙasa ba tare da an ce masa komai ba.

Bayan rabon tambayoyi sai rabon kayan da kowa ke kwaɗayi. Adadin miliyan 14.3 na mutum ɗaya ne, a ce na jami'in. Ma'anar shaye-shaye ta likita ce, shi ma cikin jimla biyu. Aya da hadisi a bar wa liman. Ana rubuta wannan ƙarara a saƙon da za a tura wa kowa: ga abin da za ka taɓo, ga abin da wane zai taɓo, don haka ka bar masa. Rabin na biyun ya fi na farko amfani, domin mutane sun fi buƙatar a gaya musu abin da za su bari.

Kiran waya na minti goma

Saƙo a rubuce ba ya wadatarwa, saboda manyan mutane ba su cika karanta dogon saƙon WhatsApp ba. Kwana biyu ko uku kafin taro, mai gabatarwa ko sakataren kwamiti ya kira kowane mai jawabi, ya yi masa tambaya biyu tak: da me za ka fara, kuma da me za ka rufe? Ba a buƙatar tsakiyar jawabin. Gaɓa tana ƙulluwa ne tsakanin ƙarshen wannan da farkon wancan, kamar yadda tela ke duba bakin ƙyalle biyu kafin ya haɗa su.

A wannan kira ake kama karo. Idan likita ya ce zai rufe da labarin kodin, jami'i kuma ya ce da shi zai buɗe, to an samu dama biyu: ko a cire wa ɗaya, ko a mayar da shi gada. Likita ya ƙare da abin da kodin ke yi wa jiki, jami'i ya ɗauka daga abin da ya biyo bayan haramcin a kasuwa. Abu ɗaya ne aka ambata sau biyu, amma na biyun ci gaba ne, ba maimaici ba.

Sai a rubuta jimlolin miƙawar a takarda. Likita zai iya rufewa da cewa: "Waɗannan su ne alamomin. Abin da ya rage shi ne, uwar da ta gan su a ɗakin ɗanta yau da dare, ina za ta dosa gobe da safe? Wannan ba fagena ba ne, ga mai shi nan zaune." Mai gabatarwa ya ƙara jimla biyu kawai, sunan jami'in da muƙaminsa, da dalilin da ya sa shi ne zai amsa. Jami'in kuma ya fara da amsar: "Likita ya tambayi inda uwa za ta dosa. Ga abin da ke faruwa daga lokacin da ta shigo ofishinmu." Gaba ɗaya bai wuce daƙiƙa 40 ba, kuma mai sauraro bai sami ramin da zai faɗa ya ɗauko waya ba.

A lura da abin da jami'in bai yi ba. Bai taƙaita jawabin likita ba. Ya ɗauko zare ɗaya ne kawai daga ciki ya ɗora. Yawancin masu jawabi suna ganin ladabi ne su bi jawabin wanda ya gabace su suna yabawa gaɓa-gaɓa, amma jimla ɗaya da ta nuna an saurara ta fi minti uku na yabo girmama mutum.

Inda lokaci ke zurarewa

Mai gabatarwa shi ne ya fi kowa iya ɓata gaɓa, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Wasu sukan sake jawabin da aka gama daga farko, da sunan taƙaitawa. Wasu su karanta tarihin mai zuwa tun daga firamare har kwasa-kwasan da ya halarta. Mafi muni shi ne wanda ya san batun, sai ya zari jiki ya faɗi abin da mai zuwa zai faɗa, ya bar shi da sauran kwano. Mai gabatarwa tambaya yake miƙawa, amsa ta mai jawabi ce.

A yi lissafi da taron namu. Idan mai gabatarwa ya ci minti uku wajen gabatar da kowane mutum, kowane mai jawabi ya ci minti uku yana jero sunayen manyan baƙi da saraututtukansu, sannan minti ɗaya ya tafi wajen tasowa daga kujera da bubbuga makirufo ana "kuna ji na?", an kashe minti bakwai a kowace gaɓa. Sau uku, minti 21 ke nan, fiye da jawabin mutum guda. Wannan lokacin daga wajen tambayoyin jama'a ake yanko shi, ko daga jawabin na ƙarshe, wanda za a miƙa wa 'yar takarda tun bai yi nisa ba.

Ba wanda zai ce a daina gaisuwa a taron Hausawa, kuma mai jawabin da ya tashi bai yi sallama ba ya rasa zauren tun kafin ya fara. Abin da ake yi shi ne a tattara doguwar gaisuwar wuri guda. Shugaban taro ko mai gabatarwa ya jero kowa da sunansa da sarautarsa a farko, cikakke, ba a tsallake kowa ba. Sannan a roƙi masu jawabi tun a kiran waya su tsaya a kan sallama da gaida uban taro a madadin sauran. Idan mai gabatarwa ya sanar da wannan tsari da bakinsa a gaban jama'a, ba wanda zai zargi mai jawabi da raini.

Babban baƙon da ya iso a makare shi ma a yi masa tanadi. A bar shi ya zauna, a jira mai magana ya kai aya, sannan a yi masa maraba a gaɓa ta gaba. Amma a kula da jeri: maraba tukuna, sannan a dawo da tambayar da aka bari, sannan a kira mai amsa ta. Idan aka yi akasin haka, tambayar likita za ta nutse cikin kirari da tafi, jami'in ya tashi babu abin da zai kama.

Sauran kuma aikin hannu ne da ake rainawa. Makirufo biyu sun fi ɗaya, domin mai zuwa ya riƙe nasa a kunne tun kafin na farko ya gama. A zaunar da masu jawabi bisa jerin da za su yi magana, na gaba ya kasance kusa da mumbari. Idan akwai majigi, a haɗa hotunan kowa cikin fayil ɗaya a kwamfuta ɗaya tun da safe, domin cire waya a sa wata ya isa ya kashe zaure na minti biyar. Kuma a amince da alamar lokaci, misali takarda mai ɗauke da "saura minti 2" da wani zai ɗaga daga layin gaba, don mai jawabi ya sami sararin isa jimlarsa ta rufewa. Wanda aka katse a tsakiya ba ya miƙa komai.

Idan an riga an cinye maka jawabi

Duk da wannan shiri, wata rana likita zai ji daɗin magana ya zarce cikin gonar jami'i, ya kawo adadin, ya kawo labarin haramcin, har ya taɓa shawarwari. Ana gane hakan tun daga kan dandamali: mai jiran layi ya fara soke-soke a takardarsa, ko ya daina kallon mai magana ya koma jujjuya shafuka.

Abin da ya fi dacewa da wanda aka yi wa haka shi ne ya yarda da asarar. Ya tsallake abin da aka faɗa, ya nuna shi da jimla ɗaya, ya wuce inda ba a taɓa ba: "Likita ya ba ku adadin na ƙasa baki ɗaya, ni bari in gaya muku abin da muke gani a wannan yanki." Idan minti takwas ya rage masa na sabon abu, ya yi takwas ɗin ya zauna. Shi ya sa yake da kyau kowane mai jawabi ya zo da misali ɗaya ko biyu daga aikinsa na yau da kullum a ajiye, irin wanda ba wanda zai iya riga shi faɗa.

Mai gabatarwa ma yana da rawar takawa a nan. Tun da yana riƙe da takardar rabon, ya san abin da aka ci da abin da ya saura, sai ya sauya tambayar miƙawa nan take ta nufi abin da ya saura. Wannan yana buƙatar ya zauna ya saurari jawabin da alƙalami a hannu, ba ya fita waje yana amsa waya ko yana lissafin kujerun manyan baƙi ba. In ayyukan sun yi masa yawa, a ba wani daban karɓar baƙi.

Akwai kuma gaɓar da ba ta son gaggawa. Idan a taron an ba wani matashi da ya daina shaye-shaye dama ya ba da labarinsa, ko wata uwa ta yi magana har murya ta rawa, kuskure ne a kira na gaba nan take. Mai gabatarwa ya bar 'yan daƙiƙoƙi su wuce, ya yi godiya a taƙaice da murya ƙasa-ƙasa, ya yi addu'a in ta dace, sannan ya ɗauko abu ɗaya daga labarin ya miƙa wa liman. Sanarwar cewa mai mota kaza ya je ya gyara fakin tana iya jira.

Gaɓa ta ƙarshe, wato daga liman zuwa tambayoyin jama'a, ita ma a rubuta ta. Maimakon a ce "akwai mai tambaya?" a tsaya ana kallon-kallo, mai gabatarwa ya tuna wa zauren tambayoyi ukun da aka amsa, kowace cikin 'yan kalmomi tare da sunan wanda ya amsa ta, ya roƙi mai tambaya ya faɗi wanda yake nufi. Hakan yana hana a jefa tambaya ɗaya mutum uku su bi layi suna amsa ta. A taron da aka fara ƙarfe 11, idan buɗewa da gaisuwa sun ci minti 20, jawabai uku da gaɓoɓinsu suka ci 50, za a shiga tambayoyi da ƙarfe 12 da minti 10, da sauran fili kafin ladan ya kira Azahar.